Baba ya cika shekara 60

Alhamdulillahi. Yau Babanmu ya cika shekara 60 a duniya. Takardarsa ta ce 1 ga Janairu, kamar ta yawancin sa'o'insa da likita ya ƙiyasta wa shekaru, amma Kaka, Allah ya jiƙanta, ta ce ana tsakiyar yankan riɗi ta haife shi a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, a 1965. Maganar wadda ta yi naƙuda muka ɗauka, shi ya sa kuka ga wannan hoton yau.

Ku dubi hannunsa na dama da kyau. Tabon da ke bayan babban yatsa na wuta ne, kantar da ke tafin kuma ta wuƙa ce. Da wannan hannun aka ciyar da mu bakwai, aka biya kuɗin makaranta, aka aurar da mata uku, kuma duk daga tukuba guda ɗaya ta agashe, wato tsire, a birnin Wad Madani.

Baba, kai ba mai yawan magana ba ne, don haka bari in faɗa wa mutane abin da idonmu ya gani.

Daga sallar Asuba mahauta kake wucewa, don a cewarka wanda ya bari rana ta fito, ragowar wasu zai saya. Cinyar sa kake zaɓa, jan nama mara jijiya, ka latsa da yatsa: in ya taso ya koma daidai ka biya, in ramin ya zauna ka yi gaba ko da mahaucin abokinka ne. A gida ka feɗe shi fale-fale, kaurinsa bai kai rabin yatsa ba, kuma a gicciye kake yanka, ba ka bin tsawon zaren naman. Wanda ya bi zaren, in ji ka, ya sayar wa mutane igiya. Kilo ɗaya tsinke 20 yake ba ka. Da nama ya yi tsada aka ba ka shawarar ka mai da shi 25, ka ce gara ka ƙara kuɗin kowa ya gani da idonsa, da ka rage naman a ɓoye.

Sai yajin, wanda mutane suka yi ta yi mana wayo muna yara don mu faɗa musu sirrinsa. To ga shi yau, da izininka, tunda ka ce ba awon ne wahalar ba. Ga kowane kilo: garin ƙuli-ƙuli kofin shayi 3, citta cokali 1, masoro rabin cokali, kanumfari ƙwaya 5, tafarnuwa busasshiya kaɗan, gishiri cokali 1, barkono gwargwadon bakin masu ci. Aikin yana wajen gyaɗar. Inna ce ke soya ta a yashi mai zafi har ɓawon ya saki, a murje, a niƙa, a yi ta juya tunkuzar da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya fito, a matse, a soya ƙulin, sannan a daka a tankaɗe. Masu gaggawa dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, suke saya a kasuwa su kwaɓa da ita. Man da ke cikinta bai fita ba, don haka yajin ya dunƙule, ya ƙone tun naman bai nuna ba, ya bar ɗaci a maƙogwaro. Ko sau ɗaya ban taɓa ganin ka yi haka ba, har a ranakun da Inna ke kwance ba lafiya, ka zauna kan tabarma ka matse da kanka, maƙwabta suna leƙe suna dariya.

Da la'asar kake hura wuta, da gawayin bagaruwa, saboda yana daɗewa kuma ba ya tartsatsi. Ba ka ɗora nama a kan harshen wuta. Tudun yashi kake yi, garwashi a tsakiya, ka kafa tsinkayen a kewaye, tazarar kamar taƙi ɗaya, su ɗan sunkuya ciki. Gefen da iska ke kaɗa zafin ya fi saurin nuna, shi ya sa kake sauya musu wuri ba juyawa kawai ba. Man gyaɗa sau biyu kake shafawa, yaji ma sau biyu: na farko kafin wuta, na biyu in naman ya fara tsatso ruwa. Lemun tsami da albasa sai an sauke. Yaya ya taɓa matsa lemun tun naman yana ɗanye, yajin ya jiƙe ya zube cikin yashi, tsinke wajen talatin suka fito tsirara. Ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi ya kai gida a ci, gobe kuma shi zai je mahauta da kuɗin aljihunsa. Yau Yaya ne ke riƙe da tukubar, kuma har yanzu in ya ga lemu kusa da ɗanyen nama sai ya ɗauke.

Tsinken ƙarshe ba na sayarwa ba ne, kowa a unguwa ya sani. A takarda kake naɗo shi, ka sa a aljihun jallabiya, ka tashi wanda ya fi ƙanƙanta a gidan ko da sha biyun dare ne. Mu bakwai kowa ya yi zamaninsa. Yanzu jikoki ke rigima a kai.

A Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke mutanen Khartoum suka kwararo Madani, ɗakinka ka bar wa iyalin da ba ka taɓa gani ba, ka fitar da gadonka tsakar gida. A Disamba kuma abin ya iso kanmu. Wuƙaƙenka biyu da turmin Inna ka ɗaura a amalanke kafin kayan sawarka, muka yi gudun hijira zuwa garin Gadarif, kuma mako bai zagayo ba sai ga ka ka tara yashi a bakin titi ka hura wuta. Ba na son tsawaita wannan, yau ranar farin ciki ce. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawwamar mana da zaman lafiya a Sudan.

Akwai abin da ba ka sakaci da shi ko ciniki ya kai ina: Hausa a cikin gida. A waje mu yi Larabcinmu, amma da mun tsallako ƙofa sai ka yi kamar ba ka ji, har sai mun juya harshe. In ana shan jabana, wato gahawa, bayan Isha ka kan ba mu labarin yadda kakanni suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da niyyar Makka, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu. Kullum a wuri ɗaya kake tsayawa ka ce tafiyar ba ta ƙare ba, saura teku.

To Baba, mun haɗa kai mu bakwai, da gudummawar Yaya ƙarami daga Jidda. An yi maka fasfo kai da Inna, kuma in Allah ya yarda Umrar watan Rajab da ku za a yi. Mun san za ka ce wa zai kula da wuta. Akwai mai kula.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana cikin imani, ya sanyaya idanun nan da hayaƙi ya gajiyar, ya sa ka ga auren jikokinka. Allah ya saka maka da gidan Aljanna, kai da Inna, ya ba mu ikon yi muku biyayya. Amin.

'Yan uwa da maƙwabta, akwai sauka da addu'a a gida bayan Magariba, sai abinci. Baffa da su Goggo na Mai Wurno sun riga sun iso. Wanda ke nesa ya sa Baba a addu'a, zan karanta masa saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, don shi waya ta kira kawai ya sani.

'Yarka ta uku, a madadin dukkanmu.