Takarda zuwa ga Malam Auwalu mai gyaran waya, Fam Santa

Assalamu alaikum, Malam Auwalu. Ya aiki, ya kasuwa?

Ga wayar da muka yi magana jiya, na ba ƙanina Nura ya kawo maka tare da kwalinta da cajarta. Na rubuto ne saboda matsalar ba kullum take ba. Kana iya gwadawa ka ji ta ras, ka ce lafiyarta ƙalau, alhali da sauran magana.

Idan ina kira, ni ina jin mutum sosai, shi ne yake daina ji na. Wani lokaci muryata takan yi ƙasa-ƙasa kamar ina magana daga cikin rijiya, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya na kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, sannan ta dawo da kanta. Kiran ba ya yankewa. Yawanci minti biyu ko uku na farko babu komai, sai an ɗan jima wayar ta ɗumama a hannu abin yake farawa. Ya fi yawa kuma idan tana kan caji, musamman in aka motsa igiyar.

Da farko na ɗauka sabis ne. Na cire layina na sa a wayar maigidana, aka yi ta magana babu ko ɗaya. Na sa nasa a tawa, ta maimaita halinta. Sannan ko babu kira tana yi. Saƙon murya na WhatsApp yakan fito da giɓi a tsakiya, haka ma idan na ɗauki murya da Recorder. Na bar maka guda biyu a can don ka saurara, ɗaya na sa masa suna "lafiya", ɗayan "matsala". A na biyun ƙirga nake yi daga 1 zuwa 40 ba tsayawa, za ka ji daga 17 zuwa 26 babu komai sai ɗan shuu.

Inda ba ta taɓa yi ba: da iyafis mai igiya, da na bulutus, da kuma in na buɗe sifika ana ji na daidai. Bidiyon da nake ɗauka da kyamarar baya shi ma sautinsa lafiya. Shi ya sa nake zargin makirfon ƙasa, wanda yake kusa da bakin caji, tunda na saman kamar yana aikinsa. Kai ne masanin abin, amma ga wanda na fi so ka gwada da hannunka: idan muryar ta ɗauke, na matse gefen ƙasa na dama da babban yatsa, nan take sai a ce an ji ni. Ina saki, bayan ɗan lokaci ta sake tafiya. Ko wani abu ne ya saki a ciki, ko fileks ɗin da ya haɗa ƙaramin fanel da babba bai zauna ba?

Abubuwa biyu sun same ta kafin haka. Wata huɗu da suka wuce an canza mata bakin caji a wani shago, ba wajenka ba. Sannan mako uku da suka wuce ta faɗo daga kan teburin keken ɗinki zuwa siminti, ta gefen ƙasa. Sikirin bai fashe ba, amma a makon ne matsalar ta soma. Ruwa bai taɓa shigarta ba. Na cire kondon bayanta na gwada, na share ramin makirfon da busasshen buroshi saboda ƙurar hunturu, ban tsokana shi da allura ba. Na kunna ta a Safe mode, Nura ne ya nuna min yadda ake yi, can ma ta ɗauke.

Don Allah in za ka gwada, ka jona ta a caji, ka buɗe Recorder, ka yi ta magana na aƙalla minti biyar kana ɗan motsa igiyar. Gwajin "alo, alo" na daƙiƙa biyu ba zai nuna komai ba.

Roƙona babba shi ne kada a yi mata filashin ko Factory reset ba tare da an tambaye ni ba. Awon masu ɗinki da hotunan kayansu duk suna ciki, kuma ga biki a gaba. Nura ya san lambar buɗe ta, zai tsaya a wajenka ya buɗe maka duk lokacin da kake buƙata. Na cire layukan da memori.

Idan aikin bai wuce naira 6,000 ba, ka yi kawai, kuɗin yana hannunsa. In ya wuce, ko sai an canza ƙaramin fanel ɗin gaba ɗaya, ka kira ni ta lambar da na kira ka jiya mu yi magana tukuna, kuma ka ajiye min tsohon da ka cire. In da hali ina so in same ta kafin Alhamis da yamma.

Na gode, Allah ya ba da sa'a.

Hajara, daga Gyaɗi-Gyaɗi