Takardar Darasi: Ma'aunan Ciwo ga Yara, Manya da Majinyatan da Suka Rikice

Ga ɗaliban jinya 'yan aji biyu, a karanta kafin fita zuwa ɗakunan majinyata ranar Litinin.

Zafin jiki yana da na'urar awonsa, hawan jini ma haka. Ciwo kuwa babu na'urarsa, mai shi kaɗai ya san nauyinsa. Don haka kafin ku ɗauki kowane ma'auni, ku tambayi kanku abu ɗaya: wannan majinyacin zai iya faɗa da kansa? In zai iya, bakinsa ne hujja. Sai in ba zai iya ba ake komawa ga kallon jikinsa.

Manya da yaran da suka yi wayo

Mafi sauƙi shi ne NRS: a ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0, babu ciwo, zuwa 10, ciwon da ya fi kowanne tsanani. Galibi ana ɗaukar 1 zuwa 3 a matsayin kaɗan, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. VAS kuma layi ne mai tsawon santimita 10 da majinyaci zai sa wa alama, sai a auna da rula. Yana buƙatar ido mai gani da hannun da zai riƙe biro, shi ya sa ba kasafai nake ba da shawararsa a ɗakin da ya cika ba.

A nan ne za ku fi shan wahala, domin mu mutane ne masu kunya da dauriya. Ku ce "Baba, ya jiki?" zai ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da gumi na keto masa. Wannan gaisuwa ce, ba maki ba. Na taɓa jinyar wata dattijuwa da aka yi wa tiyata a ciki, tana ta "da sauƙi" muddin surukinta na tsaye a gefen gado. Da ya fita, na ɗaga yatsuna goma na ce, "Inna, in ciwon naƙuda shi ne goma, wannan nawa ne?" Ta lanƙwasa mini biyu, ta bar takwas.

Yara

Daga wajen shekara 3 ana amfani da fuskokin Wong-Baker: fuska shida, daga mai murmushi zuwa mai hawaye, makinsu 0, 2, 4, 6, 8, 10. Yaron ne zai nuna wadda ta yi daidai da abin da yake ji. Kuskuren da nake gani kullum shi ne ɗalibi ya kalli fuskar yaro ya zaɓa masa. Wata matsalar ita ce hawayen: yaron da aka raina a kan namiji ba ya kuka zai ƙi fuskar ƙarshe, wani kuma tsoron allura zai sa ya nuna ta. FPS-R, wani ma'aunin fuskoki da ake fara amfani da shi daga shekara 4, ba shi da murmushi ko hawaye, kuma na fi son sa saboda haka.

Wanda bai kai ya nuna ba, daga wata 2 zuwa shekara 7, FLACC ne nasa, wanda aka fitar a Jami'ar Michigan a 1997. Abu biyar ake kallo: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yana karɓar rarrashi. Kowanne 0 zuwa 2, jimla 10. Ku yaye zanin ku ga ƙafafun, kuma ku tambayi uwar, don ta san bambancin kukan yunwa da na ciwo. Ku yi hattara da yaron da ya yi tsit, musamman mai sikila da ya kwana yana kuka: gajiya tana saukar da maki, ciwon yana nan.

Masu rikicewa

Rikicewa ba ta hana a fara tambaya. Tsoho mai ciwon mantuwa da bai yi nisa ba yakan iya amsa "Nan yana ciwo?" da e ko a'a. In abin ya gagara, a ɗauki PAINAD, na 2003: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yanayin jiki, da karɓar rarrashi, jimla 10. A kalle shi kamar minti 5, har da lokacin da ake juya shi ko wanka, domin ciwon ƙashi yakan fi bayyana in an motsa. Ma'aunin Abbey kuwa, shi ma na masu ciwon mantuwa, abu shida ne, jimlarsa 18, don haka 7 ɗinsa ba 7 ɗin NRS ba ne. Kullum ku rubuta sunan ma'aunin kusa da makin, kuma kada a canza shi tsakanin masu aikin safe da na dare. A sake awo minti 15 zuwa 30 bayan allurar jijiya, awa ɗaya bayan maganin sha.

Aikin gida: an kawo dattijo ɗan shekara 78 bayan ya faɗi a banɗaki. Bai gane ɗansa ba, yana ture hannun duk wanda ya taɓa masa ƙugu. Wane ma'auni za ku ɗauka, kuma me za ku tambayi ɗan? Amsa kada ta wuce rabin shafi.