Yadda na gano kayan da suka jawo gargadi a burauza bayan komawa HTTPS

Jiya da daddare na gama mayar da shafin WordPress na dinki na 'yar'uwata zuwa HTTPS, satifiket na Let's Encrypt ya zauna lafiya lau, na bude a Chrome ina jiran in ga komai tsaf, sai ga gargadi a gefen adireshi, kuma hotunan da ke juyawa a saman shafin sun tsaya cak kamar an dasa su. Wallahi raina ya baci, don ita ta riga ta sanar da kwastomominta.

Na danna F12 na shiga Console, jan rubutu ne reras, kowanne ya fara da "Mixed Content". Ma'anarsa shafin kansa ta https ya zo amma yana kiran wasu kaya ta http, to burauza ba ta yarda da wannan gamin gambizar ba. Hoto takan gwada daukowa ta https da kanta, in babu shi a can ta bar shi, amma JavaScript da CSS toshe su take kai tsaye, kuma da gaskiyarta, don wanda ya tare hanya zai iya canza fayil din ya cusa abin da ya ga dama. Abin da ya kashe min hotunan saman ke nan, wani tsohon jQuery da aka lika a header.php da http tun shekarun baya.

Na bi fayilolin da wannan:

```
grep -rn "http://" wp-content/themes/
```

Layi 9 ya fito, amma ba duka ne masu laifi ba. Mahadar da mutum zai danna ya tafi wani shafi ba ta jawo gargadin, haka `xmlns="http://www.w3.org/2000/svg"` suna ne kawai ba a dauko komai da shi, kar ka taba shi. Na gyara 3, har da hoton bango da ya buya cikin `url()` a style.css.

Na sake lodawa, gargadi na nan daram. Ashe sauran suna cikin database, duk hoton da ta taba sawa a rubutu an ajiye shi da cikakken adireshin http. Na dauki bakof tukuna, sannan na sauya adireshin da WP-CLI, manhajar ba WordPress umarni:

```
wp search-replace 'http://example.com' 'https://example.com' --dry-run
```

Kar ka yi wannan da SQL tsurarsa, WordPress na ajiye wasu saituna tare da adadin haruffansu, ka kara s daya lissafi ya rushe, saitin ya lalace. Da na ga abin da zai canza ya yi daidai sai na cire `--dry-run`.

Saura daya, wani dan akwatin kirga maziyarta daga sabar da ba ta da https kwata-kwata. Na kira 'yar'uwata na ce Yaya, wannan fa sai dai mu hakura da shi, ta ce cire, ita ko kallonsa ba ta yi. Na cire, na goge cache, na bi shafuka daya bayan daya har na odar kaya ina kallon Console, fes babu ja ko daya.