Neman lokacin waya kan odar batura da inbata

Assalamu alaikum Alhaji Mustafa,

Barka da aiki, ya Guangzhou, ya mutanen ofis? Maigida Alhaji Lawal yana gaishe ka, shi ya ce in rubuto mu tsayar da lokacin da za mu yi waya kafin mu tura kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari.

Wancan karon laifina ne. Na kira ƙarfe 11 na safe ina zaune a shago, ashe ku can 6 ta yamma ta buga, injiniyan masana'anta ya tashi, kai kuma kana kan hanyar gida. Muka yi minti ashirin muna "sai na tambaye shi gobe". To, na zauna na yi lissafi. Kun riga mu da awa 7, kuma daga ku har mu babu mai sauya agogo a shekara, don haka tazarar ba ta motsi. Ofishinku 9 zuwa 6, wato 2 na dare zuwa 11 na safe a nan Katsina. Mu kuwa sai 9 muke buɗe shago, lokacin ku 4 ta yi. Awa biyun da suka rage ba su da albarka: mu masu saye sun cika gaban kanta, ku kuma duk abin da aka tambayi masana'anta a garin Foshan a wannan lokaci amsarsa sai washegari. Gara mu mu bar barcinmu a gama magana a zama ɗaya.

Ga lokuta uku, ka zaɓi wanda injiniyan zai samu zama:

Talata 16 ga Satumba, 9:30 na safe agogonku, 2:30 na dare a wajenmu. Don kada a ruɗe, daren Litinin wayewar Talata nake nufi.

Laraba 17 ga Satumba, 11:00 na safe agogonku, 4:00 na asuba a nan.

Alhamis 18 ga Satumba, 2:00 na rana agogonku, 7:00 na safe a nan.

Ni na fi son Talata, ko da yake ita ce ta fi cin barci. In muka gama kafin 10:30 naku, kana da yini guda ka bi masana'anta, kafin mu buɗe shago amsa ta iso, sai Alhaji ya wuce banki a ranar. Ta Laraba ma ba laifi, sai dai a kama lokaci, domin biyar da 'yan mintoci ake kiran sallar asuba, za mu tashi. Alhamis na sa ta ne saboda Alhaji, shekaru sun ja, tashin tsakar dare yana ba shi wuya; in ita ka zaɓa zai zauna da kansa. Na tsallake 5 zuwa 7 namu da gangan. Da ita ce ta fi mana daɗi, an idar da salla ido ya buɗe, amma na san 12 zuwa 2 hutun cin abinci ne a can, wasu har ɗan barci suke yi.

Minti arba'in ya ishe mu. Babbar maganar ita ce baturan nan masu 48V 100Ah. A na bara, guda shida sun ƙi magana da inbata mai 5kVA, sai da yaronmu ya kwana biyu yana canza saiti. Ina so injiniyan ya nuna mana ta bidiyo, ya haɗa batir da inbata a gabanmu mu ga allon ya karanta cajin daidai. Zan ajiye ɗaya daga cikin shidan kusa da ni, in ya nemi lambar jikinsa in karanta masa. Sai takardun jirgin ruwa, tunda batirin litiyam kaya ne mai haɗari a wajensu, da ranar da kwantena mai ƙafa 20 za ta tashi zuwa Apapa. Gaggawarmu ɗaya ce: 1 ga Oktoba masana'antu za su rufe kusan mako guda, daga nan kuma hidimar baje kolin Canton ta ɗauke hankalin kowa. Muna so a loda kafin nan.

Ta WeChat zan kira, daga gida a Ƙofar Ƙaura, inda sabis ya fi na kasuwa ƙarfi, wuta kuma sola ce. In layi ya yanke ka dakata, ni zan sake kira.

In duk ukun ba su yi ba, ka faɗi naka da agogon can kawai, ni zan cire bakwai. Ka taimaka da amsa kafin Asabar don in sanar da Alhaji.

Allah ya bar zumunci, ya ƙara buɗi.

Naka,
Kabiru
A madadin Alhaji Lawal, Katsina