Takardar tura majiyyaci zuwa ga likitan tiyata

Daga Cibiyar Lafiya Matakin Farko, ƙaramar hukumar Ringim
Zuwa ga Likitan Tiyata, Babban Asibitin Dutse

Ranka ya daɗe,

Ga Malam Sani, manomi ɗan shekara 58. Kwana uku ke nan ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Ciki ya kumbura, ya yi tauri kamar ganga, murɗa tana zuwa tana lafawa, kuma tun jiya yake amai kore. Akwai ƙaba a matsematsin dama, na taɓa, ta ƙi komawa. Bugun zuciya 118, harshe a bushe.

Ina zargin toshewar hanji, wataƙila ƙabar ce ta shaƙe shi. Na hana shi ci da sha, na sa masa ƙarin ruwa da robar hanci. Ba mu da na'urar hoto, shi ya sa ban riƙe shi ba.

A taimaka a duba shi yau.

Dakta Habibu