Hannun da ke Riƙe da Labule

Bayan an yi mata aikin yanar ido, Hajiya ta koma ganin abubuwan da ta daɗe da daina gani: tsagar bango, ƙurar da ke saman akwati, da hoton aurenta da ke rataye kusa da taga. Shekaru tana wuce shi tana ganin duhu biyu a tsaye cikin hazo. Ran nan da hantsi ta ce wa jikarta ta sauko mata da shi.

"Kaka, me za ki yi da shi?"

"Ke dai miƙo. Ko sai na rubuta miki takardar neman izini?"

Ta ɗora shi a cinya, ta goge gilashin da gefen mayafinta. Ashe shi ma hoton bai tsira ba. Ta san shi baƙi da fari, yanzu ya koma ruwan ƙasa, farin ya ja rawaya. Can gefe, inda duhun ya fi yawa, wani ƙyalli ya fito idan ta karkata shi wajen haske, azurfar da ke cikin takardar ce ta taso sama. Kusurwa ɗaya ta manne da gilashi saboda damshi, in aka ce za a ɓamɓare sai ta tafi da takalmin ango.

Sai ta dubi amaryar.

Shekararta 19 a lokacin, yau kuma 77. Wuyan ta fara kallo, dogo, a miƙe, babu layi ko ɗaya. Ta kai hannu ta taɓa nata, fata ta bi yatsunta ta ƙi komawa da wuri. Kumatun yarinyar a cike suke, har na hagu ya ɗan loɓa duk da ba murmushi take yi ba. Nata kuwa sun zurma tun da haƙoran ciki suka tafi, haɓa ta matso kusa da hanci. Kunne ma, wa ya ce kunne yana tsayawa yadda yake? Na hoton ƙanana ne, na yanzu sun yi tsawo, hudar 'yan kunne ta zama tsaga.

"Kawo mini madubi."

Ta riƙe madubin a dama, hoton a hagu. Ɗan tabon da ke saman girarta, wanda ta samu tun tana rarrafe, yana nan a madubi. A hoton babu shi. Ta daɗe tana nema kafin ta tuna cewa masu hoton wancan zamani sukan bi fim ɗin da tsinin fensir su shafe tabo da ƙuraje kafin su wanke. Ta yi dariya har sai da ta yi tari.

"Kin ga wannan santsin fuskar da kuke ta yabo? Rabi na Allah ne, rabi na mai hoto."

"Kai Kaka! Amma dai kin yi kyau."

"Na yi, ban musa ba. Sai dai ita wannan ba ta sani ba. Dubi yadda ta maƙale kafaɗa. Tana nan tana tunanin goshinta ya yi faɗi, hancinta bai kai na yayarta ba. Da zan same ta da na ja mata kunne."

A kan hannu ta fi daɗewa. Hannun amarya yana kan cinya, yatsu zara-zara, zobe a sake har ana ganin ya ɗan juya. Ta shimfiɗa nata a kan gilashin kusa da shi. Jijiyoyi sun taso, gaɓoɓi sun kumbura, ɗan ali ya karkace gefe. Zoben yana cikin akwati, ya fi shekara goma bai wuce gaɓar farko ba. Amma wancan hannun bai san komai ba. Bai taɓa auna zafin goshin yaro cikin dare ba, bai yi wa jariri wanka ba, bai rufe idon kowa ba. Wannan ya yi duka, kuma ko yau a ba shi allura da zare sai ya nuna wa na hoton iyakarsa.

Ta jinkirta kafin ta dubi wanda ke tsaye a bayan kujerar. Shekara 11 ke nan da rasuwarsa, kuma fuskar da take riƙe da ita a zuci ta ƙarshe ce: furfura, sanda, tarin asuba. Kafin wannan kuma akwai ta ranar auren yadda ta adana ta, wani babban mutum mai kwarjini wanda ta kasa haɗa ido da shi.

Babu wannan mutumin a hoton. Yaro ne. Gashin baki ko gama fitowa bai yi ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kunnuwa a waje kamar na tulu. Jikanta na fari ma ya girme shi yanzu.

"Ikon Allah," ta ce. "Wannan ne na yi ta jin tsoro?"

Jikar ta ciro waya ta ɗauki hoton, ta sa yatsu biyu ta buɗe shi har fuskar angon ta cika allon. Ta ja ƙasa. Hannunsa na riƙe da bayan kujera, ya damƙe katakon, duk jijiyoyin hannun sun miƙe.

"Kaka, shi ma fa tsoro yake ji."

Hajiya ta karɓi wayar ta matso da ita. Shekara 47 suka yi tare, bai taɓa faɗa mata ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Wa ma yake tambayar irin wannan? Ta ji haushi ya taso mata, irin wanda ake ji idan an tuna amsar da ta dace bayan abokin gardama ya tafi.

"Allah Ya jiƙanka, Malam. Ka iya ɓoye abu."

Yarinyar ta ci gaba da jan hoton, sai ta tsaya a can gefen dama. Labulen da aka rataya a bayansu bai kai ƙarshe ba, akwai wani hannu da ya riƙe bakinsa, yatsu huɗu da awarwaro ɗaya, sauran jikin yana waje.

"Wannan fa hannun wa ne?"

Hajiya ta buɗe baki za ta faɗa, sunan bai zo ba. Ta tuna zafin fitilar mai hoto, ta tuna takalmin da ya matse mata ɗan yatsa, ta tuna an ce kada ta motsa. Amma wadda ta tsaya taku biyu daga gefenta tana riƙe da labule ta ɓace mata ɗungum. Yayarta ce? Ƙawarta da suka tashi tare? Ta fara lissafa waɗanda suka je ranar da yatsu, kowane suna ta kira sai ta bi shi da Allah Ya jiƙan rai. Ta kai ƙaramin yatsa ta tsaya.

"Kira mini Gwaggonku. Ita kaɗai ta rage, ƙanwar kakanku. Tura mata hoton tukuna."

Wayar ta yi ta ƙara kafin a ɗauka. Ko gaisuwa ba su gama ba muryar ta cika ɗakin.

"Yaya, ai hannuna ne! Ni na riƙe labulen."

"Ke? Shekararki nawa lokacin, da za ki kai wannan tsawon?"

"A kan kujera aka ɗora ni!"

"Awarwaron fa? Ke da ko na roba ba ki da shi."

"Naki ne kika ara mini, kuma sai da kika yi mako kina bina bashinsa."

Hajiya ta gyara zama, ta yi wa jikarta alama da hannu ta ƙara murya.

"To tsaya, tunda kin ce kina nan. Faɗa mini wa ya zo a makare har mai hoto ya yi fushi."