Leshin da ya zo da wata kala daban

Hajara 'yar Runjin Sambo ce a Sakkwato, bikin ƙanwarta ya matso sai ta ga wani leshi a Instagram wajen wata mai saida kaya a Kano, ruwan zuma mai kyau, yadi biyar naira dubu 45. Ta tura kuɗi, aka sa a mota, ta je tasha ta karɓa. Tana buɗe leda gabanta ya faɗi, leshin ruwan ƙasa ne mai duhu, ga shi ankon ƙawaye duk ruwan zuma ne.

Ta fita tsakar gida ta ɗauki hoto cikin rana, ta haɗa da hoton talla ta tura. Matar ta ce ai hasken waya ne Hajiya, kuma kaya in sun fita ba a maidowa. Hajara ba ta yi faɗa ba, ta ce don Allah Anti ki dubi saƙonmu, sai da na tambaye ki ko kalar kenan kika ce eh, ni ban ce ki maido min duka ba tunda biki saura kwana huɗu kuma kuɗin mota ma asara ne, ki rage min dubu 15 in riƙe kayan. Matar ta yi shiru har bayan la'asar sannan ta ce dubu 7. Suka yi ta ja har aka tsaya kan dubu 10, kuma gaskiya hakkinta ne.

Da magariba kuɗin suka shigo, washegari ta kai wa tela.